Gargadar da rada ba ta gani: bayani ga sababbin ma'aikatan cikin jirgi kafin jigilar Umara

Assalamu alaikum, ƙannena.

Shugabar horonku ta ce tun da aka sa ku a jerin waɗanda za su yi jigilar Kano zuwa Jidda da Madina a wannan hunturun, tambaya guda kuke ta maimaita mata: in dai akwai rada a hancin jirgi, me ya sa wani lokacin jirgi zai girgiza ba tare da kyaftin ya sanar ba? Ta roƙe ni, a matsayina na wanda aikinsa hasashen yanayi ne domin jiragen sama, in rubuta muku amsa yadda za ku riƙe. Ga ta nan, kuma ina so ku karanta ta kafin tashinku na farko.

Radar da ke hancin jirgi ruwa take nema. Tana cilla siginar rediyo gaba, mai tsawon zango kamar santimita 3, sannan ta saurari abin da zai dawo. In siginar ta bugi ɗigon ruwan sama ko jiƙaƙƙiyar ƙanƙara, wani ɓangare ya dawo, na'ura ta auna ƙarfinsa da lokacin da ya ɗauka, ta zana wa matuƙi kore ko rawaya ko ja a allo. Girman ɗigon shi ne komai a nan. In faɗin ɗigo ya ninka sau 2, abin da zai dawo yakan ninka sau 64. Ɗigon ruwan sama mai faɗin milimita 2 ya fi ɗigon da ke cikin farin gajimare girma kusan sau 100, don haka amsar da ƙaramin zai mayar ta gaza ta babban sau tiriliyan guda. Shi ya sa jirgi zai ratsa gajimare fari fat allon rada yana nan baƙi. To in gajimaren da ido ke gani ma haka yake, ina ga busasshiyar iska a ƙafa 37,000, inda babu ko ɗigo? Siginar za ta wuce ne kawai, babu abin da zai maido ta.

Za ku ji matuƙa suna cewa radarsu tana nuna gargada da launin jan-algashi mai haske. Gaskiya ne, amma abin da take aunawa shi ne yadda ɗigon ruwa ke kai-komo, wasu suna nufo jirgi wasu suna gudunsa. Dole sai da ruwan. Akwai kuma manyan rada na ƙasa masu dogon zango da ke iya jin motsin iska ko babu ruwa, sai dai saman inda aka kafa su kaɗai suke kallo, kuma girmansu ya fi ƙarfin hancin jirgi.

Wannan gargada da ake shiga sama garau, wadda za ku gani an rubuta CAT a takardun tashi, yawancinta daga bambancin gudun iska take fitowa. A can sama, tsakanin ƙafa 30,000 da 40,000, akwai wasu koguna na iska masu tsawon dubban kilomita, waɗanda gudunsu kan wuce kilomita 200 a awa, wani lokaci har 300. Tsakiyar kogin sau da yawa lafiya lau take, matuƙa ma nemanta suke in za ta tura su gaba. Matsalar tana gefe-gefe, da sama da ƙasan tsakiyar, inda iska mai gudu ke goga wadda ba ta kai ta gudu ba. Wanda ya taɓa tsayawa bakin dam ɗin Tiga da hunturu ya ga yadda iska ke tayar da igiyar ruwa har ta naɗe ta fashe. Haka shimfiɗar iska biyu ke yi wa juna: iyakar da ke tsakaninsu ta fara lanƙwasa, ta naɗe, ta fashe ta zama ƙananan guguwa. Waɗanda faɗinsu ya kama daga mita 100 zuwa kamar kilomita 1 su ne jirgi ke ji a jikinsa.

Ga hanyarku, wannan ba labarin nesa ba ne. Daga Disamba zuwa Maris, kogin iskan da ke kadawa daga yamma zuwa gabas yakan yi ƙarfi a saman Masar da arewacin Bahar Maliya da arewacin Saudiyya, kuma gefensa na kudu kan taɓo hanyar Madina. Da damina kuwa wani ne daban, mai tahowa daga gabas, yake ratsa saman yankinmu can sama. Sannan akwai duwatsu. Iska mai ƙarfi in ta hau tsauni takan yi ta hawa da sauka a bayansa har nesa, motsin kuma ya haura sama sosai. Ranar 5 ga Maris 1966 jirgin BOAC ƙirar Boeing 707 ya tarwatse a sama kusa da tsaunin Fuji a Japan, rana tsaka, sama tas, mutum 124 suka rasu. Jiragen yau an gina su da ƙarfi sosai, don haka abin da ake tsoro yanzu shi ne raunin mutanen ciki. Hadari ma yana da nasa: girgizarsa kan kai nisan kilomita da dama daga jikin gajimaren, inda rada ke nuna babu komai.

Yanzu ga namu aikin. Tunda ba ma ganin gargadar, yanayin da ke haifar da ita muke bi. Sau biyu a rana, ƙarfe 00 da ƙarfe 12 agogon UTC, tashoshi a faɗin duniya suna sakin balan-balan ɗauke da ƙaramar na'ura da ke aiko da zafi da danshi da gudun iska tun daga ƙasa har sama da inda jirage ke bi. Taurarin ɗan'adam suna bin tafiyar gajimare da tururin ruwa, jiragen da ke sama su ma suna aiko da nasu awon. Duk wannan ake zuba wa manyan kwamfutoci, su lissafa yadda iska za ta kasance nan da awa 6, 12, 24 zuwa 36.

A nan ne iyakarmu take, kuma ina so ku fahimce ta sosai. Kwamfutar tana yanka sararin sama gida-gida, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 10. Guguwar da za ta watsar da shayi a hannunku ba ta kai kilomita 1 ba. Ke nan kwamfutar ba za ta taɓa nuna ita kanta guguwar ba. Abin da za ta nuna shi ne inda gudun iska ke canzawa da sauri daga wannan tsayi zuwa wancan, da inda iska ke matsewa ko miƙewa, da yadda shimfiɗun suka zauna daram ko suke shirin kifewa. Muna da wani lissafi, lambar Richardson, da ke auna zaman iska a kan ƙarfin gogayyar. In ta faɗi ƙasa da 0.25, igiyar na iya fashewa. Akwai ma'aunin Ellrod na 1992, da wasu da dama. Babu guda ɗaya da ke cin jarrabawa kullum, shi ya sa tsarin GTG da cibiyar NCAR ta Amurka ta ƙirƙiro yake haɗa su da yawa, ya ba kowanne nauyi gwargwadon yadda ya dace da abin da jirage suka ji a zahiri.

Cibiyoyi biyu ne ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta ɗora wa fitar da wannan hasashe ga duniya duka, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Amurka, sau huɗu a rana. Daga gare su taswirar SIGWX, mai nuna yanayin da zai iya damun jirgi a hanya, take zuwa, mu kuma a ofishin yanayi na filin jirgi mu haɗa ta cikin takardun da matuƙa ke karɓa. Ku roƙi mataimakin matuƙi ya nuna muku ita ko sau ɗaya. Za ku ga kibiya mai kauri, ita ce tsakiyar kogin iskan, da tsayinta a rubuce, misali FL380, wato ƙafa 38,000. A kusa da ita za ku ga yankin da aka keɓe da alamar gargada da tsayin da ta fara da inda ta ƙare. In abin ya yi tsanani, ofishin da ke kula da wannan sararin zai fitar da gargaɗin SIGMET, wanda wani sashensa kan zo kamar haka:

```
SEV TURB FCST FL330/390 MOV E NC
```

Ma'anarsa ana hasashen gargada mai tsanani tsakanin ƙafa 33,000 da 39,000, tana tafiya gabas, ƙarfinta ba ya canzawa.

Yankin da aka keɓe zai iya kai faɗin ɗaruruwan kilomita, alhali gargadar kanta ƴar siririyar shimfiɗa ce, wani lokaci kaurinta bai wuce ƙafa 2,000 ba, tana tashi tana mutuwa. Jirgi biyu za su bi wuri guda da tazarar minti 20, na farko ya sha wuya, na biyu ya wuce sumul. Saboda haka in kyaftin ya ce ku ɗage rabon abinci sannan babu abin da ya faru, kada ku ce hasashen ƙarya ne, kada kuma gobe ku yi sakaci. Wannan sakacin shi ne abin da na fi ji wa sababbin ma'aikata tsoro, domin ku ne a tsaye lokacin da kowa ke zaune, kuma ku ne kuka fi jin rauni in abin ya zo. A ranar 28 ga Disamba 1997 jirgin United daga Tokyo zuwa Honolulu ya faɗa irin wannan gargada a saman tekun Pasifik, wata fasinja da ba ta ɗaure bel ba ta rasu, ma'aikata kuma suka ji munanan raunuka.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne rahoton jirgin da ke gaba. Matuƙi ya faɗa wa masu kula da zirga-zirga inda ya ji girgiza da tsayin da yake, su sanar da na baya ya hau ko ya sauka. Jirage da yawa yanzu suna aunawa da kansu, su aiko da lamba mai suna EDR, mai nuna ƙarfin gargada, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A ma'aunin ICAO, ga matsakaicin jirgi, daga 0.20 gargada ce matsakaiciya, daga 0.45 mai tsanani. IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta buɗe tsarin musayar waɗannan lambobi tsakanin kamfanoni a 2018. Sai dai a saman Sahara jirage ba su da yawa kamar na Turai, tashoshin balan-balan ma ƙalilan ne, don haka sau da yawa jirginku ne na gaban.

An gwada na'urar da ke amfani da hasken leza maimakon siginar rediyo, wadda ke iya kama motsin ƙura da ƙwayoyin iska, amma nisan da take hangowa bai wuce tafiyar minti guda ko makamancin haka ba, kuma ba ta shiga jiragen fasinja ba tukuna. Lamarin kuma ƙaruwa yake: binciken Jami'ar Reading na 2023 ya gano cewa gargada mai tsanani ta wannan nau'i a saman arewacin Atlantika ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 tsakanin 1979 da 2020, abin da suka danganta da ɗumamar yanayi.

A taron da kuke yi kafin tashi, ku tambayi kyaftin bayan awa nawa ake sa ran shiga yankin, ku tsara rabon abinci ya ƙare kafin nan. Keken abinci kada ya tsaya a hanya ba birki, butar ruwan zafi kada ta zauna a buɗe. Fasinjojin Umara da yawa dattawa ne, wasu hawansu na farko ke nan, kuma za su tashi neman alwala. Ku je kujerarsu ku ce, "Baba, a bar bel ɗin a ɗaure ko fitilar ta mutu," ku duba da hannunku cewa na Hajiya yana saman mayafi inda za ku gan shi. In girgiza ta zo ba sanarwa, ku zauna a kujera mafi kusa ku ɗaure. Bayan ta lafa ku kira gaba ku faɗi abin da kuka gani a baya, ko kaya sun tashi daga tire, ko tafiya ta gagara, domin wutsiyar jirgi ta fi gaba jin girgiza, kuma da bayaninku kyaftin zai san ko MOD, wato matsakaiciya, zai aika mana ko SEV, wato mai tsanani.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.