Katin Tsarin Shagalin Ɗaurin Auren Hauwa'u da Abubakar

Bismillahir Rahmanir Rahim

Iyalan Alhaji Yakubu Ɗanladi na Unguwar Dosa, Kaduna, da iyalan marigayi Malam Shehu Garba na Tudun Wadan Zariya, suna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu,

Hauwa'u Yakubu (Jidda)
da
Abubakar Shehu (Sadik)

wanda za a yi, idan Allah Ya kai mu, ranar Asabar, 12 ga Disamba, 2026, wadda ta faɗo a farkon watan Rajab na shekarar 1448 bayan Hijira. Za a yi kamu da sa lalle a cikin gida ranar Alhamis da Juma'a, saboda haka abin da ke cikin wannan kati tsarin ranar Asabar ne kaɗai, daga safiya zuwa kai amarya, kuma muna roƙon mai girma baƙonmu ya riƙe shi a hannu, domin lokutan da aka rubuta a ciki su ne za a bi.

Ƙarfe 9:00 na safe: Tarbar baƙi

Za a fara tarbar baƙi maza a rumfunan da aka kafa a ƙofar gidan mahaifin amarya da ke Unguwar Dosa, mata kuma za su wuce cikin gida kai tsaye. An tanadi koko da ƙosai da shayi ga waɗanda suka yi sammako daga Zariya da Kano da sauran garuruwan da ke kan wannan hanya, waɗanda za su shigo gari ta Kawo. Baƙin da suka zo daga Abuja ta jirgin ƙasa tun ranar Juma'a, aka ɗauko su daga tashar Rigasa, za a aika musu da mota masaukinsu da ƙarfe 8:30. Da ƙarfe 10:15 motoci za su tashi daga ƙofar gida zuwa masallaci.

Ƙarfe 11:00 na safe: Ɗaurin aure a Masallacin Sultan Bello, Unguwar Sarki

Wannan shi ne ginshiƙin taron, kuma shi ne mafi gajarta a cikin dukan abubuwan da za a yi a yinin, domin da wuya ya wuce minti ashirin. Wanda ya iso ƙarfe goma sha ɗaya da rabi zai tarar an shafa Fatiha, jama'a suna neman takalmansu. Ranar Asabar kuma ba mu kaɗai ne masu ɗaurin aure a wannan masallaci ba, don haka ba a hannunmu yake mu ɗaga lokaci saboda jiran kowa, komai girmansa a wurinmu. Muna roƙon kowa ya kasance ya zauna kafin ƙarfe 10:45.

Za a buɗe da addu'a da gajeriyar huɗuba, wadda a cikinta za a karanta aya ta 21 ta Suratur Rum, inda Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci natsuwa da ƙauna da jin ƙai da Ya sanya tsakanin ma'aurata. Daga nan wakilin ango, baffansa Alhaji Ibrahim Garba, wanda ya tsaya a matsayin uba tun bayan rasuwar mahaifinsa, zai nemi auren Hauwa'u ga Abubakar. Waliyyin amarya, ƙanin mahaifinta Malam Haruna Ɗanladi, zai amsa ya bayar, wakilin ango kuma ya karɓa. Za a bayyana sadaki a miƙa shi lakadan a gaban shaidu, ba ajalan ba. Adadinsa ya haura rubu'in dinari, wanda shi ne mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya, kuma iyalan biyu sun daidaita a kansa tun ranar sa rana, don haka babu wata tattaunawa da ta rage a yi a masallaci. Bayan an ji siga daga ɓangarorin biyu, sanƙira zai ɗaga murya ya shelanta wa waɗanda ke sahun baya da na harabar waje cewa aure ya ɗauru, sannan liman ya rufe da addu'a.

Muna roƙon a kashe ƙarar wayoyi, kada kuma masu ɗaukar hoto su shiga tsakanin liman da wakilai a lokacin siga, domin shaida ba ta inganta sai an ji abin da aka faɗa. Goro da alawa da dabino an ƙulla su a ƙananan jakunkuna, kuma samarin gidan amarya, waɗanda za a gane su da farar shadda da hula zanna mai ruwan ƙasa, su ne za su raba a bakin ƙofofi yayin fita. An tanadi wanda zai ishi kowa, ba sai an yi wawaso ba.

Ƙarfe 11:30 na safe: Gaisawa da ango

Ango da abokansa za su tsaya a harabar masallaci na kimanin rabin sa'a domin karɓar gaisuwa da ɗaukar hoto. Za a fara da iyaye da malamai da masu riƙe da sarauta, sai dangin ɓangarorin biyu, sai abokan karatu da abokan aiki. Addu'ar da aka ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga wanda ya yi aure ita ce: Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi hairin.

Ƙarfe 1:30 na rana: Sallar Azahar da walimar maza

Za a yi walima a gidan baffan ango, Alhaji Ibrahim Garba, da ke Unguwar Rimi, kuma motocin da suka kawo jama'a masallaci su ne za su yi jagora zuwa can. Bayan an idar da sallah za a gabatar da abinci: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, dafa-duka da soyayyen nama, da zoɓo da kunun aya. An keɓe rumfa guda ta dattawa a cikin gida, inda za a kai musu nasu a zaune, har da tuwon alkama da abin sha marar sukari ga masu larura. Ba za a yi jawabai ba, in ban da godiyar da baffan ango zai yi a madadin iyalai. Da ƙarfe 3:00 za a sallami baƙin nesa da ke son kama hanya da sauran rana.

Ƙarfe 2:00 na rana: Yinin biki da walimar mata

A daidai lokacin da maza ke Unguwar Rimi, mata za su yi nasu yinin a gidan iyayen amarya, a ƙarƙashin jagorancin uwar biki, gwaggon amarya Hajiya Rabi. Wannan zama na mata ne zalla, kuma mai ɗaukar hoto ma mace ce, saboda haka muna roƙon direbobi da 'yan rakiya su dakata a rumfar waje, inda za a kai musu abinci. Ankon dangin amarya atamfa ce shuɗiya, na dangin ango kuma leshi mai ruwan goro, amma wadda ba ta samu yin anko ba kada hakan ya hana ta zuwa, domin zuwanta muke bukata, ba kayan jikinta ba.

Ɗaliban Islamiyyar da amarya ta yi sauka za su buɗe da karatun Alƙur'ani mai girma. Bayan cin abinci za a dakata da ƙarfe 4:00 domin sallar La'asar, sannan da ƙarfe 4:30 ƙawaye su fito da amarya, malamarta ta gabatar da nasiha a kan haƙƙoƙin da ke tsakanin miji da mata da kuma zama da dangin miji. An ba wannan nasiha minti talatin, kuma ita ce abin da amarya da kanta ta roƙa a sa mata a cikin tsarin, don haka muna fatan za a jinkirta gaishe-gaishe da hira har a kammala.

Game da liƙi, iyalan biyu sun yanke shawarar ba za a yi shi ba. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta shekarar 2007 ya haramta watsa takardun naira da tattake su a wuraren biki, kuma hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Mai gudummawa sai ta sa a ambulan, ta rubuta sunanta, ta miƙa wa uwar biki, wadda za ta zauna da littafi a hannun dama na mazaunin amarya. Haka nan amarya da mahaifiyarta sun roƙi arziki kada a ɗora hotunan wannan zama a kafafen sada zumunta.

Ƙarfe 6:15 na yamma: Sallar Magariba da sallama da iyaye

Bayan Magariba za a shigar da amarya wurin mahaifinta da iyayenta mata domin su yi mata faɗa, su sa mata albarka. Wannan na 'yan cikin gida ne kaɗai.

Ƙarfe 7:45 na dare: Kai amarya

Da an idar da sallar Isha'i, dangin ango za su zo ɗaukar amarya, kuma ayarin zai tashi daga Unguwar Dosa. Za a fara biyawa Unguwar Rimi, inda mahaifiyar ango ta sauka, domin gwaggonnin amarya su danƙa ta amana a hannun dangin mijinta, daga nan a wuce da ita ɗakinta da ke Malali. Motoci takwas aka tanada, an kuma rubuta sunayen waɗanda za su shiga kowace, tare da ba iyaye mata fifiko. Muna jan hankalin abokan ango da babbar murya cewa ba a yarda da tsere ko wasa da mota ko rataye a jikin taga ba, kuma motar baffan ango ce za ta kasance a gaba, babu wanda zai wuce ta. Da yake lokacin hunturu ne, ana shawartar masu rakiya, musamman tsofaffi da masu goyo, su zo da abin rufa.

Sayen baki tsakanin abokan ango da ƙawayen amarya za a yi shi a taƙaice a falo, a gaban gwaggo guda daga kowane ɓangare. Da ƙarfe 9:30 motoci za su mayar da 'yan rakiya gidajensu. Buɗar kai sai ranar Lahadi da ƙarfe 11:00 na safe, kuma na dangi ne na kusa.

Bayan kati: Sanarwa da godiya

Masu motoci su bi umarnin matasan da aka sa a bakin layi, kada a tare ƙofar maƙwabta, waɗanda suka ba mu aron filin ƙofar gidajensu. Iyaye su kula da yaransu, kuma duk wanda ya tsinci wani abu ya kai wa yayan amarya, Malam Nura, wanda ke kula da al'amuran Unguwar Dosa. Mai neman bayani a kan motoci ko masauki ya tuntuɓi babban abokin ango, Malam Bashir, a wurin walima.

Iyalan biyu suna godiya ga duk wanda ya taimaka da dukiyarsa ko ƙarfinsa ko addu'arsa, suna kuma roƙon a sa marigayi Malam Shehu Garba a cikin addu'a, Allah Ya jiƙansa da rahama. Wanda uzuri ya hana shi halarta, addu'arsa ta wadatar. Allah Ya ba da ikon zuwa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.

Alhaji Yakubu Ɗanladi, a madadin iyalan amarya
Alhaji Ibrahim Garba, a madadin iyalan ango