Amsar Edita: Kan Labarin Shagunan da Aka Gina a Kan Lambatu

Assalamu alaikum, Malam. Wasiƙarka ta iso, kuma mun buga ta yadda ka rubuto, ba mu cire ko kalma ɗaya ba. Na gode da ka fito fili ka faɗi abin da ke ranka. Ka ce labarin da muka buga kan ambaliyar da ta shiga gidajen unguwarku a watan Agusta ya zalunci Alhaji, mai rukunin shagunan da ke bakin titi. Ka ce ba mu ji ta bakinsa ba, mun manta da alherinsa, kuma kana zargin abokan hamayyarsa na kasuwa ne suka sa mu. Na sake karanta labarin, na zauna da wakilinmu na duba littafinsa da hotunansa, kuma ina nan a kan abin da muka buga. Ga dalilina.

Batun jin ta bakinsa shi ya fi damuna, don da haka ne, da lallai mun yi zalunci. Kafin a rubuta komai, wakilinmu ya je ofishin Alhaji, aka ce masa ya yi tafiya. Ya kira wayarsa, ya tura saƙo. Daga baya ni da kaina na sa hannu a takarda mai ɗauke da tambayoyi uku: shin ya san ginin ya hau kan lambatu, shin yana da takardar izinin gini, kuma me zai ce wa maƙwabtan da ruwa ya shiga ɗakunansu. Manajansa ya karɓa ya sa hannu, kwafin yana ofishinmu. Mun riƙe labarin mako guda muna jira. Amsar da ta zo ita ce Alhaji ba shi da abin cewa, kuma haka muka rubuta a cikin labarin. Idan muka ce ba za mu buga labari ba sai wanda ake ƙorafi a kansa ya yarda ya yi magana, to duk mai hali ya samu hanyar rufe bakin jarida, sai kawai ya kashe wayarsa.

Ka lura kuma da abin da ba mu ce ba. Ba mu ce Alhaji ba shi da izini ba, domin hukumar da ke ba da izinin gini ba ta amsa takardarmu ba kafin mu buga. Ba mu kira shi azzalumi ba. Abin da muka ce shi ne shaguna huɗu na ƙarshen layin suna zaune a kan hanyar ruwa, an rufe lambatun da kankare an bar bututu siriri, kuma tsofaffin unguwa sun shaida cewa kafin ginin ruwa ba ya kwana a wannan lungu. Wannan abu ne da kowa zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Ina so ka san abin da wakilinmu ya tarar a safiyar da ya je. A gidan wata gwauruwa da ke sayar da ƙosai, alamar ruwa a bango ta kai ƙugun babban mutum. Buhun wakenta, wanda shi ne jarinta, ya jiƙe ya fara tsiro, katifun yaranta suna shanye a kan katangar maƙwabta. A gidan da ke kusa, bangon ƙasa ya rufta cikin dare, Allah ne ya kiyaye ba kowa a ɗakin. Waɗannan mutane sun kai kuka wurin mai unguwa tun ana haƙa harsashin ginin. Su ma 'yan unguwarku ne, Malam, su ma suna da mutunci, kuma wasiƙarka ba ta ambace su ba ko sau ɗaya.

Ka yi gaskiya da ka ce mutane suna zuba shara a lambatu. Mun faɗi haka a labarin, har da hoton ledoji da robobi da suka toshe bakin kwalbati. Laifin masu zuba shara bai wanke wanda ya matse hanyar ruwa ba, nasa ma bai wanke su ba.

Sai alherin Alhaji. Ban musa ba. Na ji labarin abincin buɗa baki da yake rabawa a azumi, da rijiyar burtsatsen da ya haƙa a bakin masallaci, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa masa. Amma labarin ambaliya muka rubuta, ba tarihin rayuwarsa ba. Da mun cika shi da jerin kyaututtukansa, da mun nuna wa matar nan cewa asararta ba ta kai a yi magana ba tunda wanda take ƙorafi a kansa mai kyauta ne.

Ka jawo mana aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta hana giba. Muna girmama wannan tunatarwa. A wannan surar dai, aya ta 6 ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, kuma shi ya sa muka yi ta bin Alhaji. Ka fi ni sanin cewa malamai irin su Imam Nawawi sun bayyana wuraren da ambaton mutum ba ya zama giba, daga ciki har da kukan wanda aka cutar da kuma gargaɗin jama'a kan abin da zai cutar da su. Damina za ta dawo, lambatun kuma yana nan yadda yake. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya su ma abin da suka ɗora mana ke nan: a faɗi gaskiya, a yi adalci, a ba mutum damar mayar da martani.

Zargin cewa an biya mu kuwa ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba zan wuce ta da murmushi ba. Babu ɗan kasuwar da ya kawo mana wannan labari. Matasan unguwa ne suka turo hotuna, mu kuma muka je muka duba. Idan kana da shaidar cewa wani ma'aikacinmu ya karɓi ko sisi, ka kawo mini ita kai tsaye, zan bincika kuma zan buga sakamakon a wannan shafi.

Tunda na ga kana kusa da Alhaji, ga saƙo ka isar masa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan yana da takardar izini, ko bayanin injiniyan da ya yi aikin, ko shirin buɗe hanyar ruwan, ya kawo. Za mu ba shi fili daidai da wanda labarin farko ya ci, a shafi ɗaya, ba tare da ya biya komai ba. Idan takardunsa suka nuna akwai abin da muka faɗa ba daidai ba, za mu gyara a fili da sunan jaridar. Wakilinmu zai koma unguwar kafin ƙarshen wata don ganin halin da ake ciki, kuma zai fara da ƙofar ofishin Alhaji.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya kuma daidaita tsakanin maƙwabta.

Wassalam,
Edita