Tambayar gwaji: mililita nawa za a ja wa jaririn nan?

An kwantar da jariri mai kwana 4 a ɗakin jarirai saboda ana zargin ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa. Nauyinsa da aka auna yau da safe giram 2,800 ne. Likita ya rubuta a ba shi ampisilin ta jijiya, miligiram 100 ga kowane kilogiram a rana, a raba gida biyu, a riƙa ba shi bayan kowace awa 12. Kwalbar da ke hannunku tana ɗauke da garin magani giram 0.5. Umarnin haɗawa ya ce a zuba ruwan allura mililita 2.1, idan garin ya narke jimillar ruwan maganin zai zama mililita 2.5.

Mililita nawa za ku ja a sirinji don allurar ƙarfe 8 na safe?

A. Mililita 0.59
B. Mililita 0.7
C. Mililita 1.4
D. Mililita 7

Ku rufe zaɓuɓɓukan da hannu, ku yi lissafinku a takarda tukuna. Duk huɗun an ƙera su ne yadda za su yi kama da gaskiya, kuma mai fara lissafi da ido a kansu yakan tsaya da zarar ya ga lambar da ta yi daidai da ɗaya daga ciki, ko da bai kai ƙarshe ba.

Amsa: B, mililita 0.7

Yadda ake kaiwa gare ta

Kafin a taɓa kalkuleta, a duba ma'aunan da ke cikin tambayar. Nauyin jariri da giram aka bayar, umarnin likita kuwa da kilogiram yake magana. Maganin da ke kwalba da giram aka rubuta shi, likita kuma miligiram ya nema. Wurare biyu ke nan da ma'auni bai dace da ɗan'uwansa ba, kuma sai an daidaita su sannan lissafi zai fara. Kilogiram ɗaya giram 1,000 ne, giram ɗaya kuma miligiram 1,000.

```
2,800 g ÷ 1,000 = 2.8 kg
0.5 g × 1,000 = 500 mg
```

Wanda ya manta ya mayar da nauyin zuwa kilogiram zai samu miligiram 280,000 a rana, wato kwalba 560. Irin wannan kuskuren da kansa yake tona asirin kansa, shi ya sa ban sa shi cikin zaɓuɓɓuka ba.

Sai adadin rana guda, sannan na allura ɗaya:

```
2.8 kg × 100 mg/kg = 280 mg
280 mg ÷ 2 = 140 mg
```

Ku riƙa rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, kuna soke wanda ya bayyana sama da ƙasa. A layin farko kilogiram ya soke kilogiram, saura miligiram. Idan kun gama lissafi kuka ga abin da ya rage ba shi ne ma'aunin da aka tambaya ba, to wani abu ya juye a hanya.

Yanzu ƙarfin maganin da ke kwalba, da abin da za a ja:

```
500 mg ÷ 2.5 mL = 200 mg/mL
140 mg ÷ 200 mg/mL = 0.7 mL
```

Inda sauran ukun suka fito

C ita ce ta fi kama ɗalibai. Mililita 1.4 maganin rana guda ne cur, miligiram 280. Lissafin babu kuskure ko ɗaya a ninkawa da rabawarsa, sai dai mai shi ya tsallake kalmomin nan biyu, “a rana”. Umarnin da ya ce miligiram kaza ga kowane kilogiram a rana daban yake da wanda ya ce miligiram kaza ga kowane kilogiram a kowace allura, kuma duka biyun ana rubuta su a takardar magani. Wanda ya ja 1.4 safe da yamma ya ba jaririn ninki biyu na abin da aka rubuta. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan gaɓar a duk tambayar da kuka haɗu da ita, tun kafin ku rubuta lamba ta farko.

D kuskuren ɗigo ne. Ko dai an karanta giram 0.5 a matsayin miligiram 50, ko an raba 2,800 da 100 aka samu kilogiram 28. Kowace hanya aka bi, a mililita 7 ake sauka, ninki goma. A jarrabawa maki ɗaya ne ya tafi. A gadon jariri kuwa miligiram 1,400 ne, kusan kwalba uku. Idan lissafi ya ce ku buɗe kwalba ta biyu saboda jaririn da bai kai kilogiram 3 ba, ku ajiye sirinji ku koma kan takarda.

A ta fi dabara, kuma masu kula sosai ne sukan faɗa mata. Sun daidaita ma'auni, sun raba biyu, sai suka yi amfani da 2.1 a madadin 2.5. Mililita 2.1 ruwan da aka zuba ne kawai. Shi garin yana da gurbin da yake ci idan ya narke, a nan mililita 0.4, saboda haka miligiram 500 ɗin suna bazu ne a cikin mililita 2.5. Wanda ya ja 0.59 ya ba da miligiram 118 kacal, ya rage 22, wajen kashi 16 cikin ɗari. Ba a ganin illarsa nan take kamar na D, amma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne ake ragewa a kowace allura, kwana da kwanaki. Idan za a ba babba kwalbar gaba ɗaya, wannan bambancin bai dame mu ba. Sai za a ɗebi wani sashe ne yake zama magana, kuma allurar jarirai kusan kullum sashe ce.

Gwajin ido kafin a zaɓa

Miligiram 140 sun ɗan ɗara rubu'in 500, wato 125, amma ba su kai sulusinsa ba. Rubu'in mililita 2.5 shi ne 0.625, sulusinsa kuma wajen 0.83. Dole amsar ta faɗo tsakanin waɗannan biyun, kuma B kaɗai ce a wurin. Daga nan a koma da baya: 0.7 sau 200 ya ba da 140, a raba da 2.8 a samu miligiram 50 ga kowane kilogiram a allura ɗaya. Wannan ya yi daidai da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa jarirai a makonsu na farko, miligiram 50 ga kilogiram bayan kowace awa 12. Umarnin likita ma ana dubawa, ba lissafinku kaɗai ba.

Wajen rubutawa, 0.7 ake rubutawa da sifilinsa a gaba. Idan aka rubuta .7 ɗigon ya ɓace a takarda, wanda ya karɓi aiki bayanku 7 zai karanta, kun mayar da B ta zama D da biro. Sirinji mai mililita 1 ake ɗauka don wannan adadi, a kuma kira abokin aiki ya yi nasa lissafin ba tare da ya ga naku ba.

Ƙarin tambaya

An kuma rubuta wa jaririn jentamisin, miligiram 5 ga kowane kilogiram, sau ɗaya a rana. Kwalbar tana da miligiram 20 a cikin mililita 2. Nawa za a ja?

Miligiram 14 ake buƙata, ƙarfin maganin miligiram 10 ne a mililita, amsar mililita 1.4. A nan ba a raba komai, domin sau ɗaya aka ce. Idan kuwa kwalbar da aka miƙo muku mai miligiram 80 ce a mililita 2, abin ja ya koma mililita 0.35.