Toyota Corolla LE 2007 ta sayarwa a Zariya, otomatik, ruwan toka, ₦5,200,000

Assalamu alaikum. Motata ce ta hawa, ni ba dillali ba ne. 'Yar Kwatano na saye ta a Kaduna a 2018, kuma tun daga lokacin ba ta bar hannuna ba. Iyali ne suka ƙaru, yara biyar ba sa shiga bayan Corolla, shi ya sa zan nemi mai kujeru uku.

Injinta 1.8 ne mai fulogi huɗu (1ZZ-FE), wanda ta zo da shi, ba a taɓa sauke shi ba. Sarƙa gare shi, babu zancen sauya bel ɗin taimin. Giya otomatik mai hawa huɗu, tana shiga lafiya ba fizga. Mitar tana nuna 187,300, amma a lura mil ne, don ƙirar Amurka ce, wato ta ɗan haura kilomita 300,000. Ban taɓa mayar da mita baya ba. Yawancin tafiyarta daga Samaru zuwa Kongo ce wurin aiki, sai Kaduna ko Kano lokaci-lokaci. Zuwa Kaduna da dawowa, da esi a kunne, lita 14 zuwa 15 take sha mini.

Ga inda take da rauni, gara ku ji daga bakina kafin ku ƙona mai ku zo.

Tana rage baƙin mai. Ba ta hayaƙi, ba ta ɗiga a ƙasa, amma tsakanin juye da juye nakan ƙara mata kamar lita ɗaya. Wanda ba ya buɗe bonet da safe ya duba, to ya koya. Fitilar inji kuma tana kunne a dashbod. An sa mata kwamfuta, ta nuna P0420, abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ne ya gaji. Yana nan ba a cire shi ba, kuma ba ya hana ta gudu. Na ƙi a goge fitilar a yaudari mai saye, domin bayan kwana biyu za ta dawo.

Ta taɓa buguwa sau ɗaya, a 2021. Mai keke ne ya shigo mini a Kwangila ya lotsa ƙofar baya ta dama. An buga, an yi fenti a ƙofar kaɗai. Da rana tsaka idan ka tsaya a gefe za ka ga ta ɗan fi sauran jikin haske, na ɗauki hoton wurin. Shasi bai taɓu ba, ba ta taɓa kifewa ko shiga ruwa ba. Bamban gaba yana da ƙuje-ƙuje irin na cikin gari.

Cikinta yadi ne, ba leda ba. Kujerar direba ta yage ta gefen da ake shiga, tsawon yatsa. Rana ta tsaga dashbod sama da akwatin ajiya, sannan yadin rufi ya saki a baya, allurai huɗu ne ke riƙe da shi (aikin uwargida ne, kuma ya riƙe). Gilashin baya na hagu yana hawa a hankali, sai an taimaka masa da hannu. Shokozoba na baya sun fara ƙara a kan gargada, makanikena ya ce a sauya su kafin damina. Rediyo na yi, wurin faifai ya mutu.

Esi kuwa babu abin da zan ce sai hamdala, ko a zafin Afrilu tana sanyi, an sauya kwamfuresa bara. Batir wata bakwai da saye. Tayoyin gaba sababbi ne, 195/65 R15, na baya sun ci rabi. Akwai safaya, jak, sifana da makulli biyu.

Takardun kwastan na asali suna nan, lambar Kaduna ce da sunana, lasisi da inshora suna da sauran wata biyar. Za mu rubuta yarjejeniyar ciniki gaban shaidu, a yi canjin suna.

Kuɗinta ₦5,200,000. Akwai ragi kaɗan ga wanda ya zo ya gani, amma na riga na cire kuɗin shokozoba da yadin rufi daga farashin, kada a sake cire mini su. Ba bashi, ba biya kashi-kashi, ba musaya. Wanda ya zo da dillali, la'adarsa tana wuyansa. Don Allah kada kowa ya tura ko sisi kafin ya ga mota da takardu.

Tana Samaru. Ana iya gani bayan la'asar Litinin zuwa Alhamis, ko Asabar daga ƙarfe 10 na safe. Ku zo da makanikenku da kwamfutarsa, in son samu ne ranar Asabar, ku same ta ba a tayar ba ku ji yadda take tashi da sanyi. Za mu gwada ta har Shika mu dawo, ina ciki. A turo saƙo ta nan, nakan amsa bayan isha'i.