Saƙo ga Malam: ba ni da lafiya, ba zan samu shigowa ba

Assalamu alaikum Malam, barka da asuba, da fatan an tashi lafiya. Hafsat ce, ɗalibar da take koyarwar gwaji a ƙarƙashinka, mai ɗaukar 'yan aji biyu lissafi.

Don Allah a yi haƙuri da saƙon sassafe. Tun daren jiya zazzaɓi ya rufe ni, ga ciwon kai ga amai, na ɗauka gajiya ce na sha farasitamol na kwanta, amma wajen ƙarfe uku abin ya ci tura sai da yayana ya kai ni asibiti. An yi gwaji an ce maleriya ce, sun yi min allura sun haɗo ni da maganin kwana uku safe da dare, likita ta ce in zauna gida har in gama shi. Kenan yau Talata zuwa Alhamis ba zan samu shigowa ba, in sha Allahu Juma'a zan dawo da takardar asibitin.

Abin da ya fi damuna gwajin 'yan aji biyu ne na gobe. Na riga na buga tambayoyin tun jiya, kwafi 45, suna cikin ambulan ruwan ƙasa a durowar teburina ta ƙasa, makullin yana wajen Usman. Na yi waya da shi ɗazu ya ce zai tsaya musu tunda ba shi da darasi a lokacin, amma na ce masa kada ya buɗe ambulan ɗin sai ka amince. Takardar amsoshin ba ta ciki, tana wajena, kar a sha wahalar nema.

Darasin yau kuma Zainab za ta shiga, na tura mata shirin darasin ta waya, bita ce kawai za a yi kafin gwajin, ba sabon abu.

Makin aikin gida da ka ce a miƙa ran Alhamis, na gama duba littattafan saura shigarwa a takardar maki, littattafan suna nan gida. Ko dai ƙanina ya kawo su ofis Usman ya shigar, ko a ɗaga min zuwa Juma'a da safe in yi da kaina, ni dai na fi son na biyun saboda akwai yara huɗu da nake so in nuna maka aikinsu.

Sai maganar malamin kwalejinmu da zai zo duba ni ran Alhamis, zan sanar da shi yanzu, amma in ya kira ka don Allah a taya ni neman wata ranar.

Wayata a kunne take, in ban ɗauka ba barci ne ya ɗauke ni, a bar min saƙo.

Na gode Malam, Allah ya ƙara girma.

Hafsat