Zomo da Kura a Kogon Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku gyara kwanciya, kowa ya ja mayafinsa.

Wata shekara aka yi rani mai tsanani a daji. Tafkuna suka ƙafe, ƙasa ta tsattsage, ciyawa ta bushe ƙayau. Barewa da gada da sauran namun daji duk suka yi nisa wajen neman ruwa. Kura kuwa ta kwana uku ba ta sa komai a bakinta ba. In ta yi taku ɗaya sai cikinta ya ce ƙululu, in ta ƙara wani ya ce ƙululu. Har tsuntsayen da ke barci a kan itace sai da suka gane tafiyarta da kukan cikin nan.

A wannan dajin akwai wani Zomo mai 'ya'ya uku ƙanana. Kullum da rana yakan lafe a gindin ciyawa, ya kwantar da kunnuwansa a baya, ya yi shiru kamar dutse, sai rana ta faɗi ya fito kiwo. A daren nan, da zai fita, ya ce wa 'ya'yansa, "Ku kwanta, kada wanda ya motsa. Kafin wata ya kai tsakiyar sama na dawo."

Ya yi tsalle, ɗis, ɗis, ɗis, har ya isa gindin wani suri inda ya san akwai sauran ɗanyar ciyawa. Ya sunkuya yana ci. Daɗin ciyawar ya ɗauke masa hankali, iska kuma tana kaɗawa wani gefen, bai ji ƙululun da ke matsowa ba. Sai kawai ya ji caraf! An danne masa baya da wata ƙatuwar ƙafa.

Kura ta bushe da dariya, miyau na zuba dalala. Ta ce, "Yau na gode Allah. Ana cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, ga shi ni zan ci ko gudun ban yi ba."

Zuciyar Zomo ta buga, dum, dum, dum. Ya ji tsoro ƙwarai, ai dole. Ya tuna 'ya'yansa uku da ke jiransa, sai ya haɗiye tsoron, ya miƙe kunnuwansa biyu tsaye, ya ce, "Shhh! Ranki ya daɗe, ki ɗan yi shiru, kina sa ba na ji."

Kura ta ce, "Jin me?"

Zomo ya juya kunne ɗaya gabas, ya juya ɗaya yamma, ya lumshe ido. Ya ce, "Tauna nake ji. Can cikin kogon dutse wani yana taunar nama. Kai, wannan nama da maiƙo yake! Ga ƙashi ma ana fasawa, ƙarass, ƙarass."

Kura ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba sai kukan gyare da kukan cikinta. Ta ce, "Ƙarya kake yi, ni ban ji ba."

Zomo ya ce, "Yaya Kura, dubi kunnenki, ki dubi nawa. Ke Allah ya ba ki haƙoran fasa ƙashi, ni ya ba ni kunnen jin nesa. Ni loma ɗaya ne, ki haɗiye ni yanzu, kafin ki kai waccan kukar yunwa ta dawo. Abin da ke cikin kogon nan kuwa ya ishe ki kwana bakwai."

Kura ta yi tunani, ta yi tunani, sannan ta ce, "To na ji. Bari in cinye ka tukuna, sai in je in ci wancan."

Zomo ya ce, "Hakan ma daidai ne. Sai dai kunnen da ke cikin ciki ba ya jin hanya. Koguna sun fi goma a dutsen nan, wa zai nuna miki wanda naman yake?"

Kura ta ga gaskiya ne. Amma fa kada ku ɗauka wawuya ce ƙwarai. Ta ce, "Za mu je, amma ba zan sake ka ba." Ta kama fatar wuyansa da baki, a hankali, yadda take ɗaukar 'ya'yanta, ta kama hanya. Zomo yana reto a bakinta, yana nuna mata hanya da waƙa:

"Bi dama, Kura, bi dama,
Nama na can a kogo.
Bi hagu, Kura, bi hagu,
Nama na can a kogo."

Ku ma ku amsa mana. Nama na can a kogo. Yawwa, amma a hankali, kada ku ta da ƙaninku.

Suka wuce kuka, suka wuce busasshen rafi, suka hau dutse. Akwai abin da Zomo ya sani wanda Kura ba ta sani ba. Abokinsa Rema, wanda ke zaune a duwatsun nan, ya taɓa zagayawa da shi cikin wani kogo mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki. Kogon yana da amsa-kuwwa: duk abin da ka faɗa a bakinsa, sai ƙarshen maganarka ya dawo maka. A can ƙuryarsa kuma akwai wata 'yar tsaga da ke ɓullewa bayan dutse, wadda ba mai iya bi sai ɗan ƙaramin abu.

Da suka isa, Kura ta ajiye Zomo, ta taka jelarsa da ƙafa. Ta shinshina bakin kogon, ta ce, "Ban ji ƙanshin nama ba."

Zomo ya ce, "Yana can ciki da nisa. In kina shakka, ki tambaya."

Kura ta leƙa cikin duhu, ta ɗaga murya ta ce, "Kai, na ciki! Akwai nama?"

Kogo ya ce, "Nama… nama…"

Idanun Kura suka fito waje. Ta ce, "Ka ji, Zomo? Har sau biyu ya faɗa!"

Zomo ya ce, "Ai na gaya miki. Amma wannan murya kamar ta wata kura ce. Ina jin ta riga ki."

Gashin bayan Kura ya miƙe. Ta daka tsawa ta ce, "Naman dajin nan duk nawa ne!"

Kogo ya ce, "Nawa ne… nawa ne…"

"Ke, ƙarya kike yi!"

"Kike yi… kike yi…"

"Kin san ko ni wace ce? Ni ce Kura!"

"Kura… Kura…"

Zomo ya rufe baki da hannu don kada dariya ta kuɓuce masa. Ya ce, "Yaya Kura, wannan ba ta da kunya. Ko mu haƙura mu koma?"

Kun san halin Kura, ga tsoro ga ban tsoro. Ƙafafunta na baya suka fara rawa, ta ɗan ja da baya. Sai cikinta ya ce ƙululu, da ƙarfi fiye da kullum. Yunwa ta rinjayi tsoro. Ta ce, cikin murya mai ɗan karkarwa, "Ki fito, ko kuwa yanzu in shigo!"

Kogo ya ce, "Shigo… shigo…"

Kura ta ce, "Au, haka ta ce? Zomo, wuce gaba. In akwai cizo, kai za a fara ciza."

Abin da Zomo yake jira ke nan tun daga gindin suri. Amma bai nuna murna ba. Ya marairaice ya ce, "Haba Yaya, ni ɗan ƙarami da ni?" Kura ta tura shi da hanci, ya faɗa ciki. Yana jin ƙafarsa a ƙasa, sai ya zura a guje, ya bi ta dama, ya bi ta hagu, ya sami tsagar nan, ya matse jikinsa, sulluɓ! Ga shi a bayan dutse, iska mai sanyi tana kaɗa masa kunnuwa.

Kura kuwa ta cusa kai. Kai ya shiga. Ta cusa wuya, wuya ya shiga. Da aka zo kafaɗu sai aiki ya tsaya, don kura ta fi kauri ta gaba. Ta yi nishi, ta tura, ta ƙara turawa, sai fuuu, ta faɗa ciki ta mirgina. Ta tashi ta laluba nan, ta laluba can. Ba nama, ba ƙashi, ba wata kura, sai 'yan jemagu da suka tashi fir fir suna mamakin baƙuwar dare.

Ta ce, "Zomo! Kana ina?"

Kogo ya ce, "Ina… ina…"

Ta juya za ta fita, duhu ya hana ta gane ƙofa. Ta zauna tana ta faɗa da muryarta, in ta yi tsawa a mayar mata, in ta yi gurnani a mayar mata. Can da ta gaji, ta ce, "Ni dai na gaji, zan kwanta."

Kogo ya ce, "Kwanta… kwanta…"

Sai ta kwanta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta, barci ya kwashe ta. Sai da gari ya waye, haske ya shigo ta bakin kogon, sannan ta ga hanya, ta matsa da ƙyar ta fito, duk ƙura a jikinta. A gindin dutsen ta tsinci wani tsohon ƙashi, ta zauna tana gwagwiya tana harare-harare. Har yau in kun ji kura ta yi kuka da dare, wuuup, sannan ta yi shiru, saurarawa take yi ta ji ko waccan ta kogo za ta amsa.

Shi kuwa Zomo, tun a daren ya gangara daga dutse, ya tsallake busasshen rafi, ya wuce kuka. Ya tsaya a gindin suri ya ƙarasa ciyawarsa, kunne ɗaya a tsaye wannan karon. Wata yana dab da kaiwa tsakiyar sama ya isa gida.

'Ya'yansa uku suna nan inda ya bar su, ba wanda ya motsa. Ƙaramin ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Baba, ka daɗe."

Zomo ya ce, "Na raka wata baƙuwa masaukinta ne. Yi barci, da safe na ba ku labari."

Ya lashi goshin na fari, ya lashi na biyu, ya lashi na auta. Suka matso jikinsa suna jin ɗumi. Na fari ya kwantar da kunnuwansa. Na biyu ya kwantar da nasa. Auta ya yi hamma, ya rufe ido. Iska ta lafa, gyare ya rage murya, daji ya yi tsit.

Ku ma ku rufe naku idanun haka nan. Allah ya tashe mu lafiya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.