Sanarwa Ga Masu Sayen Masa a Wurinmu: Sabon Farashi da Sabon Lokaci Daga 1 ga Yuli

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu zuwa gidan masarmu na kusa da Kasuwar Wunti a nan Bauchi, muna yi muku barka da Sallah, da fatan an ci naman layya lafiya.

Daga ranar Litinin, 1 ga Yuli, 2024, farashin masa zai canza, lokacin buɗewa ma haka. Mun fitar da sanarwar tun yau Alhamis, 20 ga Yuni, don kada wani ya aiko yaro da tsohon kuɗi ya koma gida da kwano rabi.

Masa ɗaya da muke sayarwa naira 50 za ta koma naira 70. Uku naira 200, goma sha biyar naira 1,000, saboda mun san wahalar canji. Yankan nama ya tashi daga naira 200 zuwa 300. Miyar taushe da yajin ƙuli-ƙuli da ake zubawa a kan masa suna nan kyauta yadda aka saba, ba a taɓa su ba. Masu biki da suna da walima, masa 100 ta koma naira 6,000 maimakon 4,500. Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami kafin yau, a tsohon farashi za a soya masa, ko da bikin nasa sai watan Agusta ne. Sunansa na cikin littafi.

Dalili kuwa duk mai cefane ya san shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, komai kuma ya bi bayansa. Shinkafar tuwo da muke aunowa a Kasuwar Muda Lawal, kuɗin da ke sayen mudu biyu bara yanzu da ƙyar yake wuce mudu ɗaya. Ga man gyaɗa, ga sukari da yis, ga mai injin niƙa da ya ƙara mana har sau biyu, ga itace da yake zuwa a jiƙe da damina. Mun danne muka haƙura har azumi da Sallah biyu suka wuce, don ba mu so ƙarin ya same ku a lokacin hidima.

Akwai wata hanyar da ba ƙari ba, kuma ba za mu ɓoye muku ba, mun gwada ta. A watan jiya mun sa tanda mai ƙananan ido na kwana biyu. A rana ta biyu wani dattijo da ya fi shekara goma yana karyawa a bencinmu ya ɗaga masa ɗaya da yatsu biyu, ya juya ta, ya ce, "Hajiya, wannan jikar ta da ce?" Aka yi dariya, amma ni kunya ta kama ni, a ranar na sa aka mayar da tsohuwar tanda. Don haka girman masa yana nan yadda kuka san shi. Ba za mu tsinka ƙullu ba, ba za mu haɗa shinkafa da wani abu ba, kuma ƙullun zai ci gaba da kwana ya tashi da kansa kafin ya ga wuta.

Sai batun lokaci. A da wuta ba ta mutuwa daga ƙarfe 6 na safe har 9 na dare. Yanzu za mu buɗe daga 6 na safe zuwa 12 na rana, mu rufe, mu dawo bayan La'asar daga ƙarfe 4 zuwa 8 na dare. Tsakanin Azahar da La'asar itace ne kawai ke ci, masa kuma ta huce a kwando, ba ma jin daɗin miƙa wa kowa irinta. Ranar Juma'a da safe kaɗai za mu yi, mu tashi ƙarfe 11. Masu tafiya Jos, Gombe ko Kano da ke son tsaraba da rana, ku faɗa mana tun da safe, za a ƙulle muku a ajiye, akwai mai jiran ƙofa da zai miƙa muku.

Ma'aikata da 'yan kasuwa masu ci a rubuta sai ƙarshen wata, abin da aka ci a watan Yuni a tsohon farashi za a lissafa. Tura kuɗi ta waya ma yana nan.

Idan Allah Ya kai mu kaka, sabuwar shinkafa ta shigo kasuwa, za mu zauna mu sake lissafi. In ta sauka, za ku ga sauƙin a farashin masa, kuma da irin wannan takarda za mu sanar da ku. Wanda ke da ƙorafi ko shawara ya same ni da kaina, ina bakin tanda kowace safiya har ƙarfe 10. Don Allah kada a yi wa yaran da ke zuba miya faɗa, ba su suka yanke farashin ba.

Mun gode da haƙurinku da cinikinku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya yassare wa kowa abin sawa a baka.

Taku,
Mai gidan masa, a madadin dukkan ma'aikata